Kulle hira ɗaya ko kulle manhajar gaba ɗaya: wanne ya dace da wayarka?

Kafin ka zaɓi hanyar ɓoye hira a WhatsApp, fara tambayar kanka: wa ke riƙe wayata idan ba ni ba, kuma ya san lambar buɗe ta? Amsar ita za ta nuna maka abin da ya dace da kai.

A ɗauki misalin uwar adashe. Tana da zaure na mata ashirin, inda ake turo lambobin asusu da hoton shaidar zubi. Da yamma kuma yara na karɓar wayar su kalli bidiyo, babbar 'yarta ma ta san lambar buɗewa. Matar nan ba wani abin kunya take ɓoyewa ba, amanar kuɗin mutane ce a hannunta.

Abin da mutane suka fi sani shi ne Archive. Yana ɗauke hirar daga jerin farko, amma babu makulli a kansa, duk wanda ya taɓa wurin zai shiga. Don rage cunkoso aka yi shi, saboda haka ba zai yi mata amfani ba.

Sai App lock, wanda ke cikin Settings, ƙarƙashin Privacy. Shi yana rufe manhajar duka da zanen yatsa. A wayar Android za ka zaɓi ya kulle nan take, ko bayan minti 1, ko bayan minti 30. Yana da kyau idan wurin mai caji kake barin waya. Matsalarsa ita ce da zarar uwar adashe ta buɗe ta miƙa wa yaro ya gaisa da kakarsa, kowace hira na gabansa.

Wanda na fi ba da shawara shi ne Chat lock, da WhatsApp ya fito da shi a watan Mayun 2023. Ka danna hirar ka riƙe, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Lock chat, ka tabbatar da yatsa ko fuska. Hirar za ta koma wani aljihu mai suna Locked chats, wanda ba ya fitowa sai ka ja jerin hirarraki ƙasa. Idan saƙo ya shigo, sanarwar ba ta nuna sunan mai turowa ko abin da ya rubuta, hotunan hirar kuma ba sa sauka cikin ma'ajiyar hotuna da kansu. Mutumin da kuke hirar ba zai san ka kulle ba.

To amma ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Makullin nan da tsaron wayar yake aiki, ba shi da nasa daban. Duk yatsan da aka yi wa rajista a wayar zai buɗe shi, lambar buɗe wayar ma na iya buɗewa. Ke nan 'yar uwar adashe, tunda ta san lambar, za ta ja ƙasa ta shiga abinta. Maganin wannan shi ne Secret code, da aka ƙaro a ƙarshen Nuwamban 2023. Ka shiga Locked chats, ka buɗe saitinsa, ka ƙirƙiri kalmar sirri wadda ba ta yi kama da lambar wayar ba, sannan ka kunna Hide locked chats. Daga nan aljihun ya ɓace, ko an ja ƙasa ba a ganin komai. Idan kana son shiga, sai ka rubuta kalmar a wurin bincike na sama.

Ka riƙe kalmar da kyau. Idan ka manta ta, hanyar da ta rage ita ce Unlock and clear locked chats, kuma wannan yana goge saƙonnin da ke ciki. Ga mai riƙe lissafin adashe, asara ce babba, don haka ta rubuta kalmar a littafin zubi ta adana.

Akwai abin da makullin bai rufe ba. Idan wanda ka kulle hirarsa ya kira, sunansa zai bayyana a allo. Hotunan da suka riga suka sauka kafin ka kulle suna nan inda suke, sai ka bi su da kanka. Ka kuma leƙa Linked devices, wato jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka, ka fitar da duk kwamfutar da ba ka gane ba.

Idan sabuwar waya za ka saya, nemi mai karanta zanen yatsa. Buɗewa da fuska a yawancin wayoyi masu araha da kyamarar gaba kawai yake dogara, bai kai ƙarfin Face ID na iPhone ba. Wayoyin Samsung da yawa suna da Secure Folder, wato wani aljihu mai makulli, inda mutum zai iya ajiye WhatsApp na biyu da wata lambar, wanda ya dace da ɗan kasuwar da ke son raba layin ciniki da na gida. GB WhatsApp da ire-irensa kuwa, da ake tallata su da ɓoye hira, ba na kamfanin ba ne, kuma ana rufe lambar mutum saboda su. Ba zan sa lambobin asusun mata ashirin a cikinsu ba.