Amada ko waƙoƙin zamani ranar girkin Sallah

"Yayyena, bana a gidanmu na Birni za a yi girkin Babbar Sallah, mutum kusan 30 za su ci. Kiɗan amada zan sa wa masu aiki ko waƙoƙin zamani na finafinai?"

Ƙanwata, ki sa amada. Ina da katin waya guda da na cika da kiɗan ƙwarya, yawancinsa na marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, kuma shi nake sawa a ƙaramar rediyo duk shekara. Bara muna da gero tiya 4 da za a surfa domin fura, ga ragon layya an gasa shi a bakin wuta tun jiya yana jiran suya. Da ƙwarya ta ɗauka, ni da matar yayana muka kama lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka daidai da bugun kiɗan, har surukata da ke tsinke zogale a gefe ta shiga amshi ba ta sani ba.

Dalilin dacewarsa shi ne bugun ƙwarya ba ya gaggawa kuma ba ya sauyawa, saboda haka hannun mai daka ko mai tuƙin tuwo yana samun abin bi. Amshin gajere ne, ana maimaita shi, wadda ba ta san waƙar ba ma za ta kama tun a zagaye na biyu. Ga shi waƙa ɗaya takan yi tsawo, ba sai kin riƙa taɓa rediyo da hannu mai maiƙo ba. Sai dai ki saurari katin ke kaɗai kafin ranar, domin wasu baitocin na tsakanin mata ne zalla, ba a sa su gaban surukai da yara.

Na zamanin kuwa na taɓa biyan jaka guda aka tura mini, kuma ban musa ba, suna sa yankan albasa ya yi sauri. Amma 'yan mata suka saki muciya suka kama rawa, tuwo ya yi gudaji, miya ta yi ƙauri.

Ki yi hattara da wasu masu tura waƙa a kasuwa. Akwai katin da aka rubuta wa giga 32 alhali bai ɗaukar ko 4, sunayen waƙoƙi duk suna fitowa amma na ƙarshe ba sa buɗewa. Kafin ki miƙa kuɗi, ki sa shi a rediyonki nan gabansa, ki kunna uku na ƙarshe har tsakiya. Idan an zo suyar nama kuma ki rage sauti, domin da kunne ake gane cewa ruwan naman ya tsotse, saura mai.