Osiloskop ɗin hannu mai janareta a ciki: allo na cewa 2 V, waya na ba da 0.78

Masu ta tambayata a kan ɗan osiloskop ɗin nan na hannu mai canel biyu da janaretan sigina a cikinsa, wanda kowa ke ta yin odarsa yanzu, to ga abin da na gani. Kuɗinsa kun sani, masu sayarwa ma kun san su, ba sai na kira suna ba. Ni aikina gyaran inbata da amfilifaya ne a Gwallameji nan Bauchi, na saye shi ne saboda babban osiloskop ɗina sai da wuta, wannan kuwa batir gare shi. Farkon zuwansa gaskiya na ji daɗinsa. Inda ya ɓata min rai a wajen auna rezonans ne, kuma har yanzu abin bai gama fita daga raina ba.

Ɗan yayata ne ya zo da aikin makaranta, an ce su jera rasista da kwayil da kapasita a layi ɗaya, su nemo firikwensin rezonans da bandwit daga girman imfidans, wato |Z|. Kayan da ya zo da su: kwayil 10 mH, kapasita 100 nF, rasista om 10. Na ba shi na'urar na ce ya je benci na baya ya yi, ni ina fama da wata inbata da ta ƙone. Can sai ga shi ya dawo fuska a yamutse, ya ce "Kawu, ko dai lissafin littafi ƙarya ne ko kuma kayan nan naka ne ke da matsala."

Wajen rezonans ɗin babu rigima. f0 = 1/(2π√(LC)) ya ba shi 5,033 Hz, a na'ura ma nan wajen dubu biyar ya ga karan ya fi yawa. Bandwit ne ya ƙi. Shi a takarda ya sa om 10 cikin R/(2πL) ya samu 159 Hz, a benci kuma ya samu wajen 1,300 Hz. Fiye da ninki takwas fa! Wannan ai ba a ce kuskuren ido ba.

Rabi na farko na matsalar ba laifin na'ura ba ne, wannan zan faɗi gaskiya. Kwayil ba tsurar indaktans ba ce, waya ce doguwa siririya aka nannaɗe, tana da nata rasistans. Na ɗora mata mita ta nuna om 20, kuma in tana aiki a dubu biyar sai ya ɗan ƙaru saboda asarar da ake yi a cikin ƙarfen tsakiyarta, a tamu ya kai wajen 22. To R na da'irar ba 10 ba ne, 32 ne, bandwit ɗin da ya kamata a gani wajen 509 Hz ne. Amma 509 ina, 1,300 ina? Da na juya lissafin baya, 1,300 sau 2π sau 0.01, sai ya ba ni wajen om 82. Cire 32, saura 50 cif. Ina ganin hamsin ɗin nan na san daga ina take.

Janaretan yana da om 50 a cikinsa kafin sigina ya fito bakin waya. Wannan ba baƙon abu ba ne, yawancin janaretocin leb haka suke, amma su sukan rubuta 50 Ω ɓaro-ɓaro a jikin soket ɗin, kowa ya gani ya yi lissafi da shi. Wannan kuwa babu a jiki, babu a ƴar takardar da ta zo cikin kwalin, babu a menu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne allon yana nan yana nuna 2.00 V daram, ko ka ɗora masa kaya ko ba ka ɗora ba, lambar da ka saita kawai yake maimaita maka. Yaro ya yarda da allo, ya ɗauka boltejin da ke shiga da'irarsa bai canzawa, sai ya riƙa kallon karan kaɗai. Alhali a daidai rezonans, inda da'irar ta sauko om 32, om 50 na ciki ya cinye kaso mafi tsoka, abin da ya iso da'irar 2 × 32/82 ne, wato 0.78 V. Haba don Allah. Mutum ya sayi abin awo, abin awon kuma ya ɓoye masa lamba mafi muhimmanci?

Bari in faɗi yadda muka sake yi, don shi ne zai amfani mai irin wannan na'ura. Girman imfidans na irin wannan jeri shi ne |Z| = √(R² + (XL − XC)²), inda XL riyaktans ɗin kwayil ne, XC kuma na kapasita. A ƙasan f0 kapasita ce ke da rinjaye, a sama kwayil ce, a daidai f0 kuma su biyun kowacce om 316 take, sai su kashe juna, a bar R shi kaɗai. Shi ya sa |Z| ke saukowa ƙasa ƙarshe a nan, kuma lambar da ka karanta a ƙasan ita ce R na gaskiya na da'irarka, har da na kwayil da duk wata asara. Gefunan bandwit kuwa su ne wurare biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, inda bambancin XL da XC ya yi daidai da R. A nan |Z| ya zama √2 sau R, kuma da boltej bai motsa ba da karan ya sauko zuwa 0.707 na yadda yake a f0, pawa ta zama rabi. Wannan "da boltej bai motsa ba" ɗin shi ne janaretan ya karya mana.

Sai muka daina yarda da allon janareta kwata-kwata. Muka sa rasistan om 10 a ƙarshen jerin, ɓangaren giraun, saboda kilif ɗin giraun na canel biyun a haɗe suke ta ciki, in ka maƙala ɗaya a tsakiyar da'ira ka yi shot ɗin wani ɓangare ba ka sani ba. Canel na ɗaya, CH1, muka ɗora a bakin janareta, yana auna boltejin da ke kan jerin gaba ɗaya. CH2 a kan rasistan kaɗai, shi ke gaya mana karan. Daga nan |Z| = 10 × V1/V2 a kowane firikwensi, V1 boltejin CH1 ne, V2 na CH2, om 50 na ciki ko om ɗari ne bai shafe mu ba, tunda abin da ya iso muke aunawa.

A wajen 5,030 Hz CH1 ya nuna 0.78 V, CH2 0.244 V, |Z| ya fito 32. To 32 sau 1.414 ya ba da 45, shi muke nema kenan. Muka riƙa sauko da firikwensi a hankali, a 4,790 Hz CH1 ya hau 1.03 V, CH2 ya sauko 0.227 V, raba ka samu 45. Muka haura sama, a 5,290 Hz muka sake samun lambobin nan. Bandwit 500 Hz, lissafi ya ce 509, Q kuma, wato f0 a raba da bandwit, wajen 10. Ku duba fa yadda CH2 ya ɗan motsa kaɗan, daga 0.244 zuwa 0.227, shi kuwa yaron yana can yana jiran ya ga 0.173 kafin ya ce ya iso gefe, shi ya sa ya zarce har wajen 4,420 a ƙasa da 5,730 a sama. Ba ƙarya ya auna ba, bandwit ɗin da'ira mai om 82 ya auna, kawai dai ba ita malaminsa ya ba shi ba.

A nan kam dole in yaba wa na'urar. Da muka yi ta wannan hanya lambobin sun zauna, ba sa rawa, kuma canel biyun sun yarda da juna, don na haɗa su wuri guda na gwada kafin mu fara, wanda ya kamata kowa ya yi tunda rabon V1 da V2 muke amfani da shi. Har wasa na yi wa yaron, na ce ya cire CH2 ya juya jerin kapasita ta koma ɓangaren giraun ya auna kanta. Ya ga 7.7 V a kan kapasita alhali 0.78 ke shiga, ya ce "Kawu wannan kuma daga ina?" Na ce Q ɗinka ne, ninka 0.78 sau goma ka gani. A lokacin har na fara cewa a raina to ai kayan ba laifi, a kuɗinsa me mutum zai ce.

Sai kuma muka zo neman f0 daidai, haushin ya dawo sabo. Ƙasan zanen |Z| a shimfiɗe yake kamar gindin faranti, in ka matsa 50 Hz gefe bambancin XL da XC wajen om 6 ne kawai, √(32² + 6²) bai wuce 32.6 ba. Wannan ɗan bambancin na'urar ba ta iya nuna shi da kyau, ko'ina daga 4,980 zuwa 5,080 kusan abu ɗaya kake gani. Wannan halin da'irar ne, ba na ɗora mata laifi. Dabarar ita ce ka ɗauko f0 daga gefuna biyun, inda zanen ke da gangara, f0 = √(f1 × f2), namu √(4,790 × 5,290) ya ba da 5,034. Ko kuma ka kalli igiyoyin CH1 da CH2 a allo, inda suka hau kan juna ba wanda ya riga wani, nan ne rezonans. Amma kafin ka samu gefunan da kyau sai ka riƙa matsa firikwensi goma-goma, ita kuma wannan na'ura maɓallinta ɗari-ɗari yake tsallakawa, in kana son goma sai ka fita daga allon osiloskop ka shiga menu na janareta ka zaɓi lambar da za ka canza ka dawo, kowane awo haka. Bandwit ɗin 500 Hz da tsallen ɗari, maki biyar kacal za ka samu a ciki. Da kwayil ɗin mai kyau ce sosai, Q ya kai talatin ko hamsin, tsalle biyu ka wuce rezonans ɗin gaba ɗaya ba ka gan shi ba. Awon da bai kamata ya wuce tsakanin azahar da la'asar ba sai da muka kai magariba, yatsana har ciwo yake.

Kuma kar ku kuskura ku yi irin wannan awon tana jone da caja. Muna sa ta a caji layin CH2 ya yi kauri da gashi-gashi, 0.227 ya koma yawo tsakanin 0.21 da 0.25, wanda ke nufin |Z| na iya fitowa 41 ko 49 a wurin da ya kamata ya zama 45. Cire caja komai ya lafa.

Mai gyaran inbata da ke son ganin siffar sigina kawai, ya saya, za ta yi masa. Ɗalibi kuwa in dai wannan ce za ta zama leb ɗinsa, ya rubuta 50 Ω da maka a jikin soket ɗin tun ranar farko, ni na riga na rubuta a tawa. Na tura wa mai sayarwan saƙo na ce Alhaji don Allah ku riƙa gaya wa mutane maganar om hamsin ɗin nan, har hoton awon na haɗa masa. Amsar da ya turo min ita ce wai in gwada canza furob, yana da sababbi sun iso, in ina so ya sa min a motar Kano ta gobe.