Batirin da ya kunyata ni a gaban Baba

Baba yana da hawan jini, kullum da safe nake auna shi da 'yar na'urar nan mai hura iska a damtse, wadda ke cin batiri huɗu. Da nata suka ƙare, sai na tsaya wajen mai teburin bakin layinmu na sayi masu arha, kwalinsu har da "Super Heavy Duty" ɓaro-ɓaro. Ko sati biyu ba su cika ba. Ran nan na ɗaura wa Baba, famfon ya fara hurawa, sai ƙararsa ta yi ƙasa kamar mai jin barci, allon ya ɗauke ɗif. Baba ya dube ni ya ce, "Kai dai ba ka rabo da sayen araha." Wallahi na ji kunya.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na auna su da mitar awon ƙarfin batiri, kowanne ya nuna kusan bolt 1.4. Daga baya ma na sa ɗaya a agogon bango, har yau yana tafiya. To ina mutuwar take?

Wani abokina mai gyaran rediyo ne ya ce in duba lambar jikinsu. R6 ce, wato batirin tutiya da gawayi. Akwai wani nau'in batiri mai irin girmansa da ake kira alkalin, shi LR6 ake rubuta masa. Dukansu bolt 1.5 ne, amma cikinsu ya sha bamban. Duk wanda ya taɓa fasa tsohon batiri don a baƙanta allon aji ya san cikin na tutiya: gwangwanin tutiya a waje, sandar gawayi a tsakiya, sai baƙin gari a kewaye, wato manganis dayoksaid haɗe da garin gawayi. Gwangwanin nan shi ne abincin batirin, shi ake ci a samu wuta, kuma bangonsa na ciki kaɗai ke aiki. Ruwan sinadarin da ke tsakani, amoniyam kuloraid ko zinki kuloraid, ba ya kai saƙo da sauri. In an ja wuta da ƙarfi, dattin da aikin ke haifarwa sai ya taru ya toshe hanya.

Shi kuwa alkalin, tutiyarsa gari ce da aka dama ta a tsakiya, gwangwanin ƙarfe yana riƙe da komai. Ƙanƙarar sukari da garin sukari ba sa narkewa lokaci ɗaya a shayi. Haka garin tutiya ke ba da fili mai yawa a ci shi a lokaci guda. Ruwansa kuma, fotasiyam haidiroksaid, ya fi wancan barin wutar lantarki ta ratsa shi da sauri.

Ga lissafin da ya yi min a bayan kwali. A ce famfon yana jan rabin amp, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja. Batirin tutiya da ya ɗan sha aiki, turjiyar da wuta ke fuskanta a cikinsa, wadda ake aunawa da om, tana iya kai om 1, sai rabin bolt ya salwanta a cikinsa tun wutar ba ta fito ba. Daga 1.4 ya koma 0.9, na'ura ta ɗauka ya mutu. Alkalin mai turjiyar om 0.2 kuwa bolt 0.1 kacal zai rasa. Mita kusan ba ta jan komai, shi ya sa ta yi min daɗin baki. Kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: mai ɗibar moɗa ɗaya ba zai taɓa ganin ƙasanta ba, mai cika duro nan da nan zai ƙafar da ita, gobe kuma ya tarar ta kawo. Hakan na gani, don bayan kwana ɗaya sun sake hura damtsen Baba sau ɗaya kafin su kwanta.

Da na fahimci haka sai na ɗan huce. A agogo da rimot ba su da laifi, kuɗinsu ma ya dace da aikinsu. Na sayo LR6 guda huɗu, a hannu ma sun fi nauyi, kuma ga shi watanni sun shuɗe famfon bai canza murya ba.

Sai dai hucewar ba ta yi nisa ba. Guda biyun da na jefa a tocilan na manta da su, da na buɗe na tarar gwangwanin ya hudu, ruwa ya zubo ya cinye sifirin ɗin da tsatsa. Dole ya hudu, tunda jikinsa ake ci. Na san alkalin ma in ya tsufa yana fitar da farin gishiri, amma wannan ko wata uku bai yi ba. Kuma har yanzu ina jin haushin mai teburin nan, don na faɗa masa ƙarara na'urar awon jini zan sa wa, ya ce, "Alhaji, ɗauki kawai, wannan ya fi ƙarfi." Tocilan ɗin tana nan a kan firij, na kankare ta da wuƙa sau biyu, ta ƙi kamawa.