Yadda na sha kunya a teburin canji na Ikeja

’Yan uwa na Maraɗi, shekara uku ke nan ina Agege, amma ranar da na dawo daga Umara, filin jirgin Murtala Muhammed ya mai da ni baƙauye.

Dala 500 na ciro, ’yan ɗari-ɗari guda uku, sauran ’yan ashirin-ashirin. A allon mai canji na hango 1,560 a ƙarƙashin SELL. Na ce ai sayarwa zan yi, nawa ke nan. Na lissafa naira 780,000 a zuci, na tura kuɗin ta ƙasan gilashi ban ce uffan ba. Waya ta yi ƙara, na duba, naira 737,000 ce ta shiga asusuna. Nan fa na ɗaga murya, wai an cuce ni, mutane na kallo. Yarinyar ko tanka mini ba ta yi ba, biro kawai ta ɗora a kan ɗaya layin, BUY, 1,490.

Wani dattijo Basakkwace ne ya ja hannun rigata gefe. “Yaro, allon nan da bakinsu yake magana, ba da naka ba. Kai ka kawo dala, su ne masu saye, ƙaramin farashin shi ne naka.” Ya karɓi rasit ya bi da yatsa. Dala 300 a kan 1,490, naira 447,000. ’Yan ashirin ɗin kuwa a 1,450 aka saye su, 290,000, don ƙananan takardu ba sa darajar ’yar ɗari a wurin ’yan canji. Ita ma ’yar ɗarin, tsohuwa mai ƙaramin kai ba ta kai shuɗiyar nan da ta fito a 2013 ba. Wannan duk babu shi a allo.

Na ce, “Baba, yanzu fa?” Ya ce wanda ya shiga ya shiga. Ya kai ni teburin gaba, taku goma bai cika ba, ya tambaya: dala ɗari, nawa za ta shigo hannu bayan an cire komai? Aka ce 151,500. Naira 7,500 ke nan na bari a kan takardu ukun nan kaɗai.

Laifin har da tarbiyyar gida. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, ba ta motsi, sai muka tashi muna ɗaukar farashin canji kamar karatun allo. Ga kunyar banza, wai kada a ce Alhaji na ciniki kamar mai sayen tumatir. Naira kuwa, tun da aka sake ta a Yunin 2023, farashin safe daban, na yamma daban. Abu ɗaya dai na yaba musu: kafin ka ɗaga ƙafa kuɗi sun shiga asusu, babu ƙirga damin takardu da yawu irin namu, ko da yake a can ana ƙirgar ana miƙo maka shayi.

Sauran dala 200 da ke aljihun ciki ban taɓa su ba sai washegari. Mutum uku na tambaya a Agege kafin na zaro su, na ƙarshen ya saya a 1,535.