Doguwar wasiƙa mai rarrashi ko gajerar da ta faɗi hukunci?

"'Yan'uwa, an ba ni gyaran wasiƙar da jami'armu ke aika wa waɗanda ba su samu gurbi ba. Guda biyu ne a gabana: doguwa mai farawa da yabo da ban haƙuri, sai a sakin layi na uku ta faɗi hukunci, da gajera wadda ta faɗe shi tun a jimlar farko. Wacce zan ɗauka?"

Malama, ki ɗauki gajerar.

Na yi aiki da kowacce a ofishin ɗaukar ɗalibai. Doguwar, iyakar abin da zan yaba mata shi ne kyakkyawar niyyar mai rubuta ta. Yaro zai buɗe ta a waya, idonsa ya faɗa kan "mun yaba da hazaƙarka", ya fara murna, sai can ƙasa ya tarar babu gurbi. Za ki gane ta gaza idan wayar ofis ta dame ki da tambaya ɗaya: "To, an ɗauke ni ne ko ba a ɗauke ni ba?"

Shekarar da muka koma gajerar, wani uba ya kira ni. Na ɗauka ƙorafi zai yi, ashe godiya ce. Ya ce 'yarsa ta sha kuka a daren da saƙon ya iso, amma da gari ya waye ta zauna ta cike takardar wata makarantar da ba a rufe karɓa ba tukuna. Da mun bar ta tana jiran tsammani, da waccan ma ta wuce ta. Har yau ina jin daɗin wannan kiran.

Ga yadda zan tsara miki ita, a ce gurbi 60 ne, masu nema 400:

"Muna sanar da ke cewa ba ki samu gurbin digirin farko a fannin lissafi na wannan shekarar karatu ba. Mutum 400 ne suka nema, gurbi 60 muke da shi. Mun san kin ba wannan nema lokacinki da ƙoƙarinki, kuma mun gode da kika zaɓe mu. Hukuncin nan na ƙarshe ne, ba kya cikin jerin masu jira. Idan kin ga kuskure a sakamakon da muka yi aiki da shi, ki rubuto wa ofishin nan cikin kwana 14. Kina iya sake nema baɗi."

Alƙaluman nan da wa'adin misali ne kawai, ki sa na gaskiya daga rajistarku da dokar jami'arku. Idan babu damar ɗaukaka ƙara ko sake nema, ki cire layin, kada ki yi alkawarin da ofis ba zai cika ba.

Ki duba inda tausayin ya zauna: jimla ɗaya, bayan hukunci, kuma kan abin da ya tabbata ga kowa, wato wahalar da ya sha. Ba za ki ce wa mutum 340 kowannensu fitacce ne ba, domin suna nuna wa juna wasiƙun, nan take yabon zai zama holoƙo.

Abin da ya fi damuna a doguwar taki, ina kyautata zaton akwai "a halin yanzu" ko "a wannan zagayen" a ciki. Ki goge su. Mai karatu zai fahimci akwai wani zagaye a gaba, ya ƙi karɓar tayin wata makarantar. Masu jiran gurbi a yi musu tasu wasiƙar daban, da ranar da za su ji amsa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan damfara masu sayar da gurbi. Da an saki sakamako suke bin iyaye da "ina da mutum a ciki, sunan ɗanka zai fito a jeri na biyu", kuma ƙofar da wasiƙa ta bari a buɗe ita ce jarinsu. Ki ƙara layi ɗaya a ƙasa: jami'a ba ta da wakili, ba a sauya hukunci da kuɗi, duk wanda ya nemi a biya shi a sanar da ofis.

Kafin ki tura wa kowa, ki fara tura wa kanki, ki buɗe a waya. Ki tabbata suna da fanni sun fito daidai, jerin waɗanda aka ɗauka bai gauraya da wannan ba, kuma hukuncin yana bayyana ba sai an ja allo ƙasa ba. Sannan ki saki wasiƙun da safiyar ranar aiki, lokacin da akwai mai ɗaga waya a ofis.