Na zaɓi RAM a kan furosesa: sharhina bayan na yi editin bidiyon biki da laftof ɗin

Laftof ɗin da nake aiki da shi HP EliteBook 840 G5 ne, na hannu, mai furosesa Core i5-8350U da RAM 16GB. Lokacin da zan saya a Kano, kuɗina ya tsaya ne tsakaninsa da wani mai Core i7-8650U amma RAM ɗinsa 8GB, farashinsu kusan ɗaya. Na ɗauki mai i5, wani abokin aikina da muke ɗaukar bukukuwa tare kuma ya ɗauki irin mai i7 ɗin. Tunda sau da yawa bidiyo ɗaya muke rabawa, shi ya yi kamu ni in yi dina, na ga yadda injinan biyu suke a kan aiki iri ɗaya, da manhaja ɗaya, wato Premiere Pro. Nawa ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba. Sai dai dalilin ba shi ne wai RAM ya fi furosesa daraja a ko'ina ba, kuma akwai inda zan ba mutum shawarar ya yi akasin abin da na yi.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne lambar da ke bayan i5 da i7. Yawancinmu da mun ji i7 sai mu ɗauka magana ta ƙare. Amma waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne: dukansu janareshan na takwas, kowanne koa huɗu gare shi, wato sassa huɗu masu yin lissafi a cikin furosesa ɗaya, kuma harafin U da ke ƙarshen sunansu yana nufin an yi su ne su ci wuta kaɗan, wat 15, don batir ya daɗe. Bambancin da ake gani a takarda shi ne ƙololuwar gudu: i5 ɗin yana kai 3.6GHz, i7 ɗin 4.2GHz. To wannan ƙololuwar ta ɗan lokaci ce. Idan ka sa siririn laftof ya fitar da bidiyo mai tsawo, cikin 'yan mintoci zafi ya taru, sai furosesa ya rage gudu da kansa don kada ya lalace. A watan Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyi, wannan ragewar da wuri take zuwa. Daga nan su biyun kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Na abokina yana riga nawa gama fitar da bidiyo, gaskiya ne, amma tazarar ba ta wuce in tashi in sha ruwa in dawo ba.

Inda aka rabu shi ne a lokacin editin kansa, wanda shi ne yake cin yinin mutum. Tela komai saurin hannunsa, idan teburin yankansa ƙarami ne, rabin lokacinsa zai tafi wajen naɗe wannan yadi ya ajiye ƙasa ya ɗauko wancan. RAM shi ne teburin. Windows kaɗai, kafin ka buɗe komai, yana riƙe da kusan 3GB zuwa 4GB. Waɗannan laftof ba su da katin hoto na daban, wanda ke cikin furosesa ne yake aiki, shi ma daga RAM ɗin yake ɗibar rabonsa. Ka buɗe Premiere ka zuba bidiyon biki, ka buɗe burauza don sauke waƙar da amarya ta turo, ga WhatsApp a gefe saboda uwar biki tana aiko da gyara. A injin 8GB wuri ya cika ke nan. Windows ba ya tsayawa, sai ya riƙa kwashe abin da ba a taɓawa yanzu yana kai wa ma'ajiya, a wani fayil mai suna pagefile.sys, idan an buƙata ya dawo da shi. Ma'ajiya kuwa, ko SSD ce, ba ta kusa da RAM a sauri.

A ido ga yadda abin yake. Ka ja alamar taimlayin daga shigowar amarya zuwa wurin yanka kek, sai hoton ya daskare a kan fuskar wata ƙawa, sauti yana tafiya, sai can hoton ya yi tsalle ya kamo. Ka leƙa burauza ka dawo, manhajar ta yi fari na ɗan lokaci, sama an rubuta Not Responding. Ga wanda yake koyo wannan ya fi jinkirin fitar da bidiyo ciwo, domin koyon editin yanka ne da maimaitawa: ka yanke, ka kalla, ka mayar, ka sake. Idan kowane kallo sai ka jira, ba za ka taɓa jin inda ya kamata yankan ya faɗa a kan kiɗa ba. A nawa mai 16GB, da aiki iri ɗaya na 1080p, RAM yana tsayawa ne wajen 11GB zuwa 12GB, da sauran wuri, kuma taimlayin yana bin hannuna. Kamfanin Adobe da kansa 8GB ya sa a matsayin mafi ƙaranci, ya ba da shawarar 16GB ga bidiyon HD, 32GB kuma ga 4K.

Ba sai an yi gardama a shago ba, injin yana faɗin abin da ke damunsa. Ka buɗe aikinka, ka danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, ka shiga Performance, sannan ka kunna bidiyon kana kallon layukan. Idan Memory ya haura kashi 90 cikin ɗari, Disk yana ta tsalle, CPU kuwa yana zaune a tsakiya, RAM ne ya gaza, kuma ko ka kawo furosesa mafi tsada haka zai zauna yana jira. Idan kuwa CPU ya manne a 100 alhali Memory da sauran wuri, furosesa ne ya kai iyakarsa. Da muka yi wannan a na abokina, CPU bai ko kai rabi ba lokacin da hoton yake daskarewa. Ya biya kuɗin gudun da injin ba ya samun damar amfani da shi.

Nawa ma yana da iyaka, kuma na gan ta. Ranar da aka kawo mini bidiyon 4K da aka ɗauka da iPhone, 16GB bai cece ni ba. Hoton 4K ninki huɗu ne na 1080p, 3840 sau 2160 maimakon 1920 sau 1080, kuma wayar tana matse shi da tsarin HEVC, wanda warware shi ya fi na H.264 wahala. Bidiyo ɗaya yana tafiya, amma da na ɗora biyu, na gyara launi, na sa Warp Stabilizer saboda hannun mai ɗauka yana rawa, fanka ta ɗauki kuka, CPU ya cika, RAM kuwa bai ko damu ba. Koa huɗu masu wat 15 iyakarsu ke nan, kuma i7 ɗin abokina ma da a nan zai tsaya.

Mafitar da na samu ita ce furoksi. A Premiere za ka zaɓi bidiyoyin, ka danna dama, Proxy, sannan Create Proxies. Manhajar za ta yi ƙananan kwafi masu sauƙi, ka yi editin da su, idan ka zo fitarwa ta koma kan na asali. Nakan bar shi yana yi da dare idan akwai wuta. Sai kuma in sauke ingancin kallo zuwa 1/2 ko 1/4, wanda ba ya taɓa bidiyon ƙarshe. Masu ɗaukar mini da iPhone kuma nakan roƙe su su shiga Settings, Camera, Formats su zaɓi Most Compatible. Wato raunin furosesa yana da dabarar da za a zagaye shi, kuɗinta haƙuri ne kawai. Ƙarancin RAM kuwa dabararsa ita ce rufe komai da komai, kuma ko hakan ba kullum yake isa ba.

Yanzu ga inda zan ce a yi akasin zaɓina. A irin waɗannan laftof furosesa a liƙe yake da allon injin, ba a canza shi har abada. RAM kuwa a wasu ana ƙarawa. Nawa ramuka biyu gare shi na DDR4, yana ɗaukar har 32GB, a kwance murfin ƙasa a soka, aikin 'yan mintoci. Saboda haka idan furosesan da ake nuna maka ya fi na ɗayan da gaske, ba a suna kawai ba, kuma akwai ramin ƙari, ɗauki mai furosesan ko da 8GB ne, ka tara kuɗi ka cika shi 16GB kafin ka karɓi aikin kuɗi. Abin da nake nufi da gaske shi ne irin Core i7-8750H: koa shida, wat 45, kuma injinan da ke ɗauke da shi galibi suna zuwa da katin hoto na daban da fanka biyu. Wannan wani aji ne dabam, sai dai ka san yana da nauyi, cajarsa babba ce, batirinsa kuma ba ya jure ɗaukewar wuta. A ɗaya ɓangaren, i7-7500U ko i7-7600U koa biyu kacal gare su, i5 ɗina ya fi su ƙarfi duk da sunan, kuma janareshan na bakwai irin waɗannan ba sa cikin jerin da Windows 11 ya amince da su, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025.

Abokina bai samu wannan damar ba. Nasa siririn nan ne mai kyan gani wanda RAM ɗinsa ma a liƙe yake, 8GB ya zo, 8GB zai tsufa. Kafin ka biya, a Task Manager ɗin nan ka danna Memory ka duba ƙasa, wurin Slots used. Idan ka ga 1 of 2, akwai rami a buɗe. Amma lambar takan yi kuskure a wasu injinan, don haka ka ce wa mai shago, "Malam, a taimaka a buɗe mini ƙasan in gani." Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Idan za ka cika 16GB, guda biyu na 8GB sun fi guda ɗaya na 16GB, domin hanya biyu suke buɗewa, kuma katin hoton da ke cikin furosesa yana jin daɗin hakan sosai.

Abu biyu kuma kada su wuce ka, ko wanne ka zaɓa. Ma'ajiyar ta zama SSD, domin tsohon faifai mai juyawa zai kashe amfanin RAM da furosesa gaba ɗaya. Sannan ka gwada injin a jone da caja, tunda a kan batir yawancinsu rage gudu suke yi. Ni filasha nake cewa a tafi da ita shago, da bidiyon da aka ɗauka da wayar ko kyamarar da za a riƙa aiki da ita, a kunna shi a gaban mai kaya ana kallon Performance.

Ga mai farawa da bidiyon 1080p, na biki ko talla ko wa'azi, wanda aka ba shi zaɓi tsakanin i5 mai 16GB da i7 mai 8GB na janareshan ɗaya da harafi ɗaya, ina tare da i5 ɗin ba tare da shakka ba. Wanda ya riga ya kai 16GB kuma yana da sauran kuɗi, kada ya zuba su a 32GB tukuna, ya nemi furosesa mai harafin H da katin hoto. Ni kaina ramukan nawa za su ɗauki 32GB, amma ban ƙara ba, saboda Task Manager bai taɓa nuna mini cewa 16 ɗin ya cika ba.