Zufar kwalba da zufar randa: ba abu ɗaya ba ne

Malam Bello ya tambaya: "Jama'a mi ya sa in na ciro zoɓo daga firij da damina kwalbar ke jiƙewa sharkaf, amma da hunturu ba ta yi? Ko ruwan ciki ne ke tsattsafowa kamar na randa?"

Malam Bello barka da war haka. Randa da kwalba duka suna jiƙewa, amma ruwan kowacce daga wurinshi daban yake fitowa.

Ita randa ruwanta daga ciki yake. Yumɓu na da ƙananan ƙofofi, ruwa na bi ta ciki ya fito baya, iska ta kwashe shi, wannan bushewar ce ke janye zafi har ruwan ya yi sanyi. Kwalba kuwa ko ɗigo ba ta bari ya wuce. Gwada da zoɓon naka, shafa farin ƙyalle a jikin kwalbar, za ka ga ba ja ko kaɗan, ka lasa ba zaƙi. Ko ka sa kofin gilashi wanda ba komai ciki a firij, ka fito da shi cikin Agusta, nan take zai yi hazo. To ruwan na iskar ɗakinka ne, raɓa ce dai irin wadda ke kwana kan ciyawa in ka yi sammako zuwa fadama.

Iska na ɗauke da tururin ruwa da ido bai gani, kuma yawan da ke iya zama cikinta ya danganta da zafinta. A digiri 30, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi na iya riƙe kusan giram 30 na ruwa, in ta huce zuwa digiri 5 kuwa bai kai giram 7 ba. Saboda haka kowace iska na da wani mataki na sanyi wanda in ta kai shi dole ta fara sauke ruwanta, shi ake kira matakin raɓa. Duk abin da sanyinshi ya kai ƙasa da wannan mataki zai yi zufa, wanda bai kai ba zai zauna a bushe.

Mu ɗauki kwalba ɗaya a Birnin Kebbi, ta fito firij a digiri 5, ɗakin kuma digiri 30 ne duka lokutan biyu. Cikin Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, a ce laima kashi 80 cikin ɗari, wato iskar ta ɗauki kashi 80 na ruwan da take iya riƙewa, iskar na da giram 24 ke nan kuma matakin raɓarta wajen digiri 26 ne. Kwalbar ta yi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba, iskar da ta taɓa ta sai ta huce ta zubar da rarar, shi ya sa kafin ka gama tuwo ruwa ya kwanta a tabarma. Da hunturu kuwa, lokacin da leɓe ke fashewa, a ce laima kashi 15, ruwan cikin iskar bai kai giram 5 ba, matakin raɓa ya sauka kusa da digiri 1. Kwalbarka mai digiri 5 ba ta kai nan ba, sai ta zauna ƙalau, sai fa in daga firiza ta fito da ƙanƙara.

Abin da ke burge ni shi ne randa akasin haka take yi. Da hunturu da bazara ruwanta ya fi sanyi don busasshiyar iska na kwashe danshin jikinta da sauri, da damina kuwa za ka tarar da bayanta jiƙe amma ruwan ciki ɗumi-ɗumi, iskar ta riga ta ƙoshi ba ta karɓa. Kuma zufar randa sanyaya ruwa take, zufar kwalba ɗumama shi take, don tururi in ya koma ruwa yana sakin zafi a jikin abin da ya sauka kai. Shi ya sa masu sayar da ƙanƙara da ruwan leda ke rufe kayansu da buhu, iska kar ta kai gare su.

Wannan dai shi ke faruwa da bututun AC. Bututun jan ƙarfen nan mai kauri sanyi gare shi sosai, shi ya sa ake naɗe shi da baƙin soso. Bara da damina bangon ɗakina ya yi ta jiƙewa har fenti ya fara ɓarewa, na ɗauka rufi ne ke yoyo, ashe soson ne ya yage kamar tsawon ɗan yatsa, raɓa na taruwa nan tana gangarowa. Yadda na gane, ko ba a yi ruwan sama ba yana ɗiga muddin AC na aiki, in an ɗauke wuta kuma sai ya tsaya. Aka sake soson aka ɗaure bakinshi da tef yadda iska ba za ta shiga ba, ɗigar ta tsaya.